Sautun Kwamfuta Daga Ƙasar Waje: Abin Da Farashin Kanti Ba Ya Faɗa

Hausa ta bambanta tsaraba da sautu. Tsaraba kyauta ce, matafiyi ne ke zaɓenta, wanda aka kawo wa kuma ba shi da ta cewa sai godiya. Sautu kuwa kuɗi ne mutum ya danƙa wa mai tafiya domin ya sayo masa wani abu takamaimai. Idan abin ya zo ba daidai ba, akwai asara, akwai kuma wanda zai kwana da nauyinta a zuciya. Idan turare ne ko shadda, asarar ba ta kai ta ɓata zumunci ba. Amma kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda kuɗinta kan kai albashin watanni, kuma ita ce abin neman abincin mai ita, ta wuce a ba da sautunta da baki kawai a ce, «Ka dai dubo mini mai kyau.»

Abubuwa huɗu ne ake yawan tambaya a kai: wutar lantarki, kibod, garanti da kwastan. Abin mamaki shi ne yawancin mutane sun jera su a juye. Wanda aka fi tsoro, wato wuta, shi ne mafi sauƙin warwarewa. Wanda aka fi mantawa da shi, wato garanti, shi ne ke iya cinye duk rangwamen da aka je nema. Labarin wata akanta mai ƙaramin ofishi a Kano ya isa misali. Yayanta ma'aikacin jinya ne a birnin Houston na Amurka, yana shirin zuwa gida Babbar Sallah, ita kuma kwamfutarta ta fara gazawa da manyan takardun lissafin da take buɗewa. Ta ga irin wadda take so a wani kanti na can a kan dala 900, alhali mai kama da ita a titin Beirut ana neman naira miliyan 1 da dubu 650. A canjin da ta yi lissafi da shi, naira 1,500 kowace dala, ta ga kamar za ta tsira da naira dubu 300.

Wuta: karatun layi ɗaya

Tambayar farko da yayan ya yi ita ce wadda kowa ke yi. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Ta Nijeriya bolt 230 ce, sau 50 a daƙiƙa, ta Nijar kuma tana kusa da haka. Duk wanda ya taɓa ganin dutsen guga ko injin markaɗe na Amurka ya yi hayaƙi a soket ɗin gida yana da dalilin tsoro.

Sai dai kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta shan wutar bango kai tsaye. Caja ce ke karɓar wutar, ta mayar da ita ƙaramar wuta madaidaiciya, wajen bolt 20, sannan ta miƙa wa kwamfutar. Kusan duk cajojin manyan kamfanoni an ƙera su ne domin duniya baki ɗaya, kuma shaidar tana rubuce da ƙananan haruffa a jikin cajar. Akantar ta ce wa yayanta ya ɗauki hoton wannan rubutu ya turo mata. Abin da ya zo shi ne:

```
INPUT: 100-240V ~ 50-60Hz
OUTPUT: 20V 3.25A 65W
```

Layin farko ya gama magana. Cajar za ta karɓi duk wutar da ke tsakanin bolt 100 da 240, don haka babu buƙatar taransifoma. Layi na biyu yana da amfani ranar da cajar ta lalace: duk wadda za ta maye gurbinta sai ta ba da wannan bolt ɗin, kuma ƙarfinta kada ya gaza wat 65.

Abin da ya rage shi ne bakin filogi. Na Amurka siraran ƙafafu ne shafaffu, soket ɗin Nijeriya kuwa irin na Birtaniya ne, mai ƙafa uku masu kusurwa. Mutane da yawa sukan sayi ƙaramar adafta su haɗa, amma adafta mai araha takan yi sako-sako, tana tartsatsi, tana zafi. Abin da ya fi shi ne a canza igiyar gaba ɗaya. A mafi yawan cajoji, igiyar da ke zuwa bango tana cirewa, bakinta kuma iri biyu ne da aka sani ko'ina: mai rami uku, ko mai rami biyu kamar lamba takwas. Igiyar Amurka galibi `125V` aka rubuta a jikinta, don haka a ajiye ta, a sayi mai `250V` da filogi mai ƙafa uku, wanda yake da fis a cikinsa. Wanda sautunsa zai fito daga Birtaniya ko Dubai ba ya ma buƙatar wannan, domin filoginsu ɗaya ne da na Nijeriya.

Haɗarin yana cikin abubuwan da kan biyo kwamfutar. Yayan, saboda kirki, ya ce zai haɗa mata da doguwar soket mai kare kaya daga hauhawar wuta. Ta ce, «Yaya, don Allah duba bayanta ka karanta mini.» Ya karanta: `125V`. Irin wannan soket an saita ta ne ta ɗauki duk abin da ya zarce wutar Amurka da yawa a matsayin haɗari, don haka da zarar an jona ta a bolt 230 sai ta ƙone. Haka firintocin leza na Amurka suke, yawancinsu wuta ɗaya suka sani. Ta gode masa, ta ce ya bar ta can. Mai kare wuta kam ana buƙatarsa, saboda abin da ke kashe caja a gida shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da janareta mai hawa da sauka. Amma a gida za a saye shi, wanda aka yi domin bolt 230.

Kibod: abin da yatsu za su zauna da shi

Wuta ana warware ta sau ɗaya, kibod kuwa kullum ana tare. Kamfani ɗaya yakan fitar da kwamfuta iri ɗaya da kibod daban-daban, gwargwadon ƙasar da za a sayar. Hoton da ke shafin talla ba lalle ne ya nuna wanda ke cikin kwalin ba.

Na Amurka da na Birtaniya duka `QWERTY` ne, amma ba ɗaya suke ba. Hanyar ganewa da ido ita ce maɓallin `Enter`: na Amurka kwance yake, dogo siriri, na Birtaniya da sauran Turai kuwa tsaye yake, ya ci layi biyu. A na Amurka alamar `@` tana kan lamba 2, a na Birtaniya kuwa alamar `"` ce a wurin, `@` ta koma kusa da `Enter`. Wannan bambanci ƙarami ne, mako guda ya isa yatsu su saba. Na Dubai da Saudiyya galibi `QWERTY` ne da aka ƙara wa haruffan Larabci, wanda riba ce ga mai rubutu da Larabci, ba ya kuma cutar da wanda ba ya yi.

Inda abin ke tsanani shi ne Faransa da Jamus. Kibod ɗin Faransa `AZERTY` ne: A da Q sun yi musayar wuri, haka W da Z, M ta bar layin ƙasa ta koma gefen L, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai an danne `Shift`. Na Jamus `QWERTZ` ne, Y da Z sun sauya. Mai rubuta Hausa ya duba sau nawa a, w, y, z da m ke fitowa a jimla ɗaya, zai gane girman wahalar. Ga akanta kuwa, danna `Shift` domin kowace lamba azaba ce. Amma abin yana juyawa idan aka tsallaka iyaka. Ma'aikaci a Zinder ko Maraɗi da ya taso a kan `AZERTY`, yake rubuta Faransanci da wasulansa masu alama, shi ne zai sha wuya idan aka sayo masa ta Amurka.

Gaskiya ne ana iya sauya tsarin rubutu a cikin manhaja, har a riƙa juyawa daga wannan zuwa wancan da `Windows` + `Space`. Amma fentin da ke kan maɓallan ba ya sauyawa, don haka ido zai ga harafi ɗaya, allo ya nuna wani. Canza kibod ɗin kansa ba ƙaramin aiki ba ne, saboda a yawancin siraran kwamfutocin yau an manne shi da murfin saman, sai dai a canza su tare.

Haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da alaƙa da ƙasar da aka sayi kwamfutar. Kibod ɗin kantunan Amurka ko Turai ba ya ɗauke da su, daga manhaja suke fitowa. `Windows` tana da tsarin rubutu mai suna `Hausa`, akwai kuma manhajar `Keyman`. Haka alamar naira: a cikin `Word`, idan aka rubuta `20A6` aka danna `Alt` + `X`, sai ta fito. Abin da ya kamata a tambaya shi ne nau'in `Windows` ɗin. Wadda aka rubuta wa `Single Language` harshe ɗaya take nuna menu da shi, kuma kwamfutocin da ake sayarwa domin kasuwar cikin ƙasar Sin sukan zo da irin wadda aka kulle da Sinanci.

Ita akantar abu ɗaya ta nace a kai: sashen lambobi na gefen dama. Kwamfutoci masu allon inci 14 ba su da shi, masu inci 15.6 ko 16 da yawa suna da shi. Ta ce wa yayanta kada ya dogara da hoton talla, ya buɗe ta gwajin da ke kanti, ya ɗauki hoton kibod ɗin daga sama.

Garanti: alkawarin da ba ya ƙetare teku da kansa

A nan ne lissafinta ya fara girgiza. Kwamfuta sabuwa tana zuwa da kariya iri biyu, mutane kuma sukan cakuɗa su. Ta farko daga kanti take: damar mayar da kaya a karɓi kuɗi ko a canza. A manyan kantunan Amurka wannan dama takan tsaya tsakanin kwana 14 da 30. Ta biyu daga kamfanin da ya ƙera take: garantin gyara, galibi na shekara ɗaya, wanda ke fara ƙirga daga ranar saye, ba daga ranar da kwamfutar ta iso hannun mai ita ba.

Kariya ta farko tana mutuwa da tashin jirgi. Ba wanda zai mayar da kwamfuta Houston daga Kano cikin mako biyu. Har kariyar shekara biyu da dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye, a kan mai sayarwa take, don haka sai kayan sun koma wurinsa. Ta biyu kuwa ta danganta da kamfani, da kuma nau'in kwamfutar. Wasu garantinsu na ƙasar da aka saya ne kaɗai. Wasu suna aiki a wasu ƙasashe, amma da sharaɗin cewa kamfanin yana sayar da wannan nau'in a can, yana kuma da cibiyar gyara da kayan gyara. Kamfanin Lenovo yana da shiri mai suna `International Warranty Service`, wanda ake duba cancantarsa gwargwadon nau'in na'urar. Kamfanin Dell yana da fom na mayar da mallaka da garanti zuwa wata ƙasa, ta amfani da lambar da ake kira `Service Tag`. Abin da ya haɗa su duka shi ne amsar tana cikin lambar nau'in da lambar siriyal, ba cikin bakin mai kanti ba.

Yayan ya kira ta wata rana da murna. Ya samo wata a kan dala 780, ƙarfinta ɗaya da wadda take so, allonta ma ya fi haske. Ta roƙe shi cikakkiyar lambar nau'in, ta shiga shafin kamfanin ta karanta sharuɗɗan. Sai ta tarar nau'i ne na amfanin gida da aka haɗa domin kantunan Amurka, garantinsa bai wuce can ba. Ta dala 900 kuwa daga jerin kwamfutocin ofis take, ana sayar da irinta a Nijeriya, kuma akwai wakilin gyara da kamfanin ya amince da shi. Ta kira wakilin, ta ba shi lambar, ta tambaye shi kai tsaye ko zai karɓa idan an sayo ta daga waje. Ya ce zai karɓa, in dai akwai rasit kuma lambar siriyal ta nuna garantin na da rai.

Yayan bai ji daɗi ba. Ya ce, «Ƙanwata, dala 120 fa ba wasa ba ce. Sabuwar kwamfuta me zai same ta?» Ta ce, «Yaya, in babu abin da ya same ta, na yi asarar dala 120. In babban allon cikinta ya mutu a wata na biyar, na yi asarar rabin kuɗinta, ga aikin mutane a hannuna.» Dalilinta yana da tushe. A kwamfutocin yau an liƙe furosesa, sau da yawa har da ma'adanar wucin gadi, a jikin babban allon ciki. Idan ɗaya ya lalace, allon gaba ɗaya ake canzawa, shi ne kuma mafi tsada a cikin na'urar. Kwamfutocin ofis suna da wata riba ko bayan garanti ya ƙare: saboda kamfanoni na sayensu da yawa, batirinsu da allonsu da kibod ɗinsu sun fi samuwa a kasuwannin gida.

Ya kamata kuma a san iyakar garanti. Ba ya ɗaukar faɗuwa, ba ya ɗaukar shayin da ya zube, ba ya ɗaukar ƙonewar da hauhawar wuta ta jawo. Aibin ƙira kaɗai yake gyarawa.

Makonni uku kafin tafiya

Tunda damar mayarwa tana ƙarewa da tashin jirgi, dole a ci moriyarta tun ana can. Kuskuren da aka fi yi shi ne saye a jajibirin tafiya, a kawo kwali a rufe domin mai shi ya ji daɗin buɗewa da hannunsa. Wannan daɗi na minti biyar ne, kuma shi ke jefar da kariya mafi ƙarfi da mai saye yake da ita. Akantar ta roƙi yayanta ya saya saura mako uku, ya buɗe, ya yi aiki da ita kwanaki.

Ta rubuta masa abin da zai duba. Ya gwada lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar da ta jikin kwali da ta rasit, su zama ɗaya, sannan ya saka ta a shafin kamfanin ya ga ranar da garanti zai ƙare. Ya buɗe shafin rubutu ya danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ya cika allon da farin launi, sannan da baƙi, ya nemi ɗigon da ya ƙi sauyawa. Ya jona wani abu a kowace kafa, ya gwada kyamara da lasifika. Daga ƙarshe ya buɗe `Command Prompt` ya rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Wannan umarni yana fitar da rahoton batir. Layi biyu ake dubawa: `DESIGN CAPACITY`, wato abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da `FULL CHARGE CAPACITY`, wato abin da yake ɗauka yanzu. A sabuwar kwamfuta lambobin biyu kusan ɗaya suke. Idan na biyu ya yi ƙasa sosai, to an daɗe ana amfani da ita ko ta daɗe a ajiye.

A kwana na uku ya tarar maɓallin lamba 7 na sashen dama ba ya amsawa sai an danna da ƙarfi. Da a rufe ya kawo ta, da akanta ce za ta gano haka a Kano, a kan maɓallin da take taɓawa ɗaruruwan sau a yini. Ya mayar da ita kanti, aka ba shi wata, ya sake gwajin daga farko. Aikin ya ci masa yammaci ɗaya.

Haraji a can, haraji a nan

Farashin da ke rubuce a kantin Amurka ba shi ne abin da ake biya ba. Harajin saye ana ɗora shi ne a wurin biya, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Houston kashi 8.25 cikin ɗari ne, a birnin New York 8.875, jihohi irin su Delaware da Oregon kuwa ba sa karɓa. Dala 900 ta zama dala 974.25. A Turai da ƙasashen Larabawa harajin yana cikin farashin tun farko: kashi 20 a Birtaniya da Faransa, 15 a Saudiyya, 5 a Dubai. Faransa da Dubai suna mayar wa baƙo mai ziyara wani ɓangare idan zai fita da kayan, amma ɗan'uwan da ke zaune a can ba baƙo ba ne. Birtaniya kuwa ta daina mayar wa masu ziyara wannan haraji tun farkon 2021.

Sai kwastan. A wurinsu ma akwai bambanci tsakanin kayan da matafiyi yake amfani da su da sabon kayan da ya ɗauko. Kwamfutar da mutum ya saba aiki da ita kayan jikinsa ce. Ta biyu, sabuwa, da aka sayo wa wani, kaya ce da aka shigo da ita. Tun watan Satumba na 2025, Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta yafe haraji ga kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har da na jakar fasinja, amma kwamfutar dala 900 ta ninka wannan sau uku. Yayan kuma zai zo da tasa ta aiki, don haka biyu za a gani a jakarsa.

Jefar da kwali yana rage nauyi, amma ba ya sauya matsayin kayan a doka. Wanda ya bi ƙofar masu cewa ba su da abin bayyanawa, aka kuma samu abin a jakarsa, shi zai tsaya yana amsa tambayoyi bayan doguwar tafiya, ba mai sautun da ke zaune a gida ba. Shi ya sa akantar ta sa harajin cikin lissafinta tun farko. Matakan harajin shigo da kaya na ƙasashen ECOWAS biyar ne: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kowane kaya da lambarsa, ta kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ita ce 8471.30. Ta yi ƙiyasi da matakin kashi 5. Dala 900 naira 1,350,000 ce, kashi 5 nata 67,500. Harajin kayan masarufi na kashi 7.5 ana lissafa shi ne a kan jimillar biyun, wato 1,417,500, ya ba da kusan 106,300. Ta ware naira dubu 174, ta ɗora ɗan ƙari saboda ƙananan kuɗaɗen da kan biyo baya.

Ta kuma gaya wa yayan abubuwa uku. Ya riƙe rasit a takarda da a waya, domin idan babu shi jami'i ne zai ƙiyasta darajar. Duk abin da zai biya ya zama da takardar hukuma da shaidar biya. Kuma ya sani a filin jirgin da ya fara sauka a Nijeriya ake wannan bincike, ko Legas ko Abuja ko na Malam Aminu Kano. Kwamfutar kuwa a jakar hannu za ta zauna. Dokokin jiragen sama sun yarda da batirin litiyam da bai wuce `100Wh` ba a cikin ɗakin fasinja, batirin da ba ya jikin na'ura kuma ba a yarda a sa shi a jakar awo ba sam. Ban da doka, jakar awo ana jifa da ita, wani lokaci ma ba ta isowa tare da mai ita.

Abin da ya rage a ƙarshen lissafi

Ta haɗa jimilla. Dala 974.25 naira 1,461,375 ce. Igiyar wuta naira dubu 5. Kwastan dubu 174. Duka ya kama kusan naira miliyan 1 da dubu 640. Rangwamen dubu 300 da ta hango ya koma kimanin dubu 10, kuma ƙaramin motsin canjin dala tsakanin ranar lissafi da ranar tura kuɗi ya isa ya haɗiye shi.

Duk da haka ta ci gaba da sayen, amma da wani dalili daban. Wadda ke titin Beirut ma'adanarta ta wucin gadi gigabait 16 ce, ta Houston 32, kuma wannan shi ne ainihin abin da aikinta ke buƙata. Ta kuma samu rasit daga hannun farko, da garantin da ta tabbatar da kanta. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace da kowa. Sayen waje yana da ma'ana idan abin da ake nema babu shi a gida, ko idan tazarar kuɗin ta rage mai kauri bayan an cire harajin can da na nan. Idan nau'in nan da nan ne, tazarar kuma ba ta kai kashi goma ba, kantin da mutum zai iya komawa da ƙafarsa ya fi.

Saura abu ɗaya da ba ya shiga takardar lissafi. Kafin ta tura kuɗin, ta rubuta wa yayanta saƙo ta ce ita ta zaɓi nau'in, ita ta karanta sharuɗɗan, don haka idan kwamfutar ta ɓace a hanya, ko ta fashe, ko ta lalace bayan wata biyu, asararta ce ita kaɗai, kada ya sa a ransa cewa zai biya. Ta tura kuɗin cikakke tare da na haraji, domin kada ya cika daga aljihunsa ya kuma ji kunyar tambaya. Yawancin ɓacin ran da ke biyo bayan sautu daga nan yake fitowa: mai kuɗi yana ganin an yi masa sakaci, ɗan aike yana ganin ya ba da lokacinsa da gurbin jakarsa ya sami zargi. Ɗan'uwa ba kanti ba ne, ba shi da garantin da zai bayar. Wanda ya fahimci haka tun kafin jirgi ya tashi, ko kwamfutar ta mutu, gaisuwa ba za ta mutu ba.